Bambancin awo a injin niƙa: wane awo zan matse?

"Ina haɗa injin niƙa a Sakkwato. Kowane ƙarfe yana cikin awon da aka zana, amma wani lokaci shaf ya maƙale, wani lokaci ya yi ta girgiza. In matse awon duka?"

A'a malam, kada ka matse duka, kuɗin mai ƙera sassan zai cinye ribarka. Bi layin sassan da suke haifar da giɓi a gidan shaf kawai.

A ce zurfin gidan shaf milimita 60 ±0.10, boris biyu kowanne 15 ±0.06, zoben tsakani 29.7 ±0.15. Giɓin da ya rage 60 − 30 − 29.7 = 0.3. Idan duk suka karkata gefe ɗaya, ka tara 0.10 + 0.12 + 0.15 = 0.37, wato giɓin zai iya sauka ƙasa da sifili ya maƙale, ko ya kai 0.67 ya yi girgiza. Ga matsalarka nan.

To wanne za ka matse? Boris sayensa kake yi, ba ka da iko a kansa. Zurfin gida kuwa aunawa a ciki yana da wuya, matse shi tsada ne. Zoben shi ne ya fi kowa kawo bambanci, kuma shi ne mafi sauƙi: a goge fuskarsa zuwa ±0.03, jimilla ta sauka 0.25, giɓin ya zauna tsakanin 0.05 da 0.55.

Lissafin RSS, wato a ninka kowane bambanci da kansa, a tara su, a ɗauki tushen murabba'in jimillar, zai ba ka kusan 0.20 tun farko, amma wannan na masu ƙera dubbai ne. Kai da kake yin goma goma, riƙe lissafin mafi muni. Kuma ka auna da safe, zafin Sakkwato na rana yana kumbura ƙarfe, balle idan gidan alminiyam ne.