Hoton bikinmu ya dagule, akwai gyara?

Tambaya: "Salamu alaikum. Hoton da muka ɗauka a bikin kamun kifi na Argungu ya zaga WhatsApp da Facebook har fuskokinmu sun dagule. Ina son in wanke shi babba. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Abin da ya zube a hoton ba ya dawowa. Galibi idan aka tura hoton JPEG, wato irin fayil ɗin hoto da aka fi amfani da shi, ta WhatsApp, manhajar tana rage girmansa, ta sake matse shi, ta zubar da ƙananan bayanai. Ka zuƙo hoton sosai ka duba gefen fuska: in ka ga ƙananan murabba'ai kamar saƙar tabarma, alamar matsi ce, don JPEG yana yanka hoto gida-gida ne, ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance.

Saboda haka kafin gyara, bi sawun hoton. Nemi wanda ya ɗauka da wayarsa, ya turo maka ta Document, ba ta Gallery ba, don ta nan fayil yana zuwa yadda yake. In ya goge, tara kwafin da ke hannun mutane ka gwada su. Kada nauyin fayil ya ruɗe ka. Hoton da aka ɗauko daga fuskar waya yakan yi nauyi alhali ya fi lalacewa. Na taɓa ɓata yini guda a kan irinsa a shagona na Birnin Kebbi, ashe na asalin yana wayar ƙanin ango.

Wanda ka zaɓa, ajiye shi tukuna a PNG, wato irin fayil ɗin hoto da ba ya zubar da bayanai. A manhajar gyaran hoto, fara rage murabba'an kaɗan, sannan ka ƙara girma, kaifafawa ta zo ƙarshe. In ka fara da ita, dattin za ka kaifafa.

Wajen wankewa, faɗin ɗigo 1600 zai ba ka kusan inci 5 mai kyau, inci 8 in daga nesa za a kalla.