Baƙi, fari da ruwan toka: wace kala zan ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Aikin ofis nake yi, kayana duk baƙaƙen abaya ne da dogayen riguna farare da ruwan toka. Na sayi jan mayafi, da na yafa sai na ga kamar na aro. Wace kala zan ƙara ba tare da na sake ɗinki ba? Daga wata mai karatu a Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumussalam, 'yar'uwa. Baƙi da fari ba sa faɗa da kowace kala, ruwan toka ne mai zaɓe, don haka da shi za ki fara. Fitar da rigunan tsakar gida da hantsi, ki shimfiɗa su kusa da farin ƙyalle. Za ki ga wani tokan ya karkata zuwa shuɗi, wani kuma zuwa ruwan ƙasa. Mai shuɗi-shuɗin yana son ruwan hanta da shuɗi mai duhu. Mai ƙasa-ƙasan ya fi shiga da makuba, ruwan goro ko ruwan ɗorawa mai ɗan duhu. Jan da kika saya mai yiwuwa ja-wur ne mai ƙyalli, irinsa kuwa a kan baƙi shi ake fara gani kafin a ga fuskarki.

Ki tsaya a kala biyu tukuna. A ce tokanki mai shuɗi-shuɗi ne: ki sayi mayafi ruwan hanta mai yadi biyu, mara sheƙi, da jaka ko takalmi mai wannan kalar, sai mayafi na biyu shuɗi mai duhu. Kaya uku ke nan, kuma babu rigarki da ba za su hau ba. Ranar da kika yafa ruwan hanta, ki maimaita shi wuri ɗaya kawai. Mayafi da jaka da takalmi duk iri ɗaya, wannan shigar biki ce.

In za ki Kasuwar Sheikh Gumi ko Kasuwar Barci, tafi da rigar tokan a jaka. Ƙwan lantarkin shago yana canza kala, ki roƙi mai shago ki fito da mayafin bakin ƙofa, ki kara shi da rigar da kuma fuskarki.

Sai batun zuba, wanda shi ya fi damuna saboda fararen kayanki. Ja da ruwan hanta sun fi saurin zuba, gumin watan Afrilu kaɗai ya isa ya bar miki shata a wuyan farar riga. Jiƙa farin hankici ki murza a gefen mayafin. In ya ɗauki kala, kada ki yafa shi a kan fari. Ki wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi har ruwan ya daina rinewa, ki shanya a inuwa don kada rana ta koɗar da shi.