AVERAGE ya ba ni 78, amma ɗaliban da suka ci ba su kai haka ba

Tambaya: Salam Malam. Makarantarmu rassa uku gare ta. Babban reshe ɗalibai 800 suka zana jarabawa kashi 60 cikin ɗari suka ci, na biyu 150 kashi 80 suka ci, ƙaramin 50 ne kashi 94 suka ci. Na sa AVERAGE a Excel ya ba ni 78, shugaban makaranta ya ce sam bai yarda ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Gaskiya shugaban naku ne da gaskiya, kuma kwamfutarki lafiyarta ƙalau, abin da kika tambaye ta shi ta ba ki. Shi AVERAGE bai san yawan ɗalibai ba, lambobi uku kawai ya gani ya tara ya raba uku, wato ya ɗauki reshen mai yara 50 daidai da mai 800.

Ki ajiye kashi-kashin nan tukunna ki ƙirga kawuna. Kashi 60 na 800 yara 480 ke nan, kashi 80 na 150 shi ne 120, na ƙaramin kuma 47, in kin haɗa 647 cikin 1,000 da suka zana, to ainihin sakamakon makarantarku kashi 64.7 ne. Kin ga ya karkata wajen 60, ai dole, tunda can yaran suke jibge.

In yawan ɗalibai yana layin B daga B2 zuwa B4, kason kuma yana layin C daga C2 zuwa C4, ki rubuta:

```
=SUMPRODUCT(B2:B4,C2:C4)/SUM(B2:B4)
```

Zai ninka kason kowane reshe da yawan yaransa, ya tara, sannan ya raba da jimillar yaran. A Google Sheets ma yana aiki ko a waya ne.

Amma fa ki kula da layin B ɗin nan, waɗanda suka zauna jarabawar za ki sa, ba duk waɗanda ke rajista ba. Sai kuma wanda ya fi cin mutane, a ce reshe na biyu bai turo sakamakonsa ba kin bar C3 fayau amma 150 ɗin tana nan a B3, to SUMPRODUCT sifili zai ɗauka shi kuma SUM ya ƙirga yaran, sai ki ga 52.7 kuma ba wani gargaɗi da zai fito miki. Yadda za ki gane, amsar ba ta taɓa yin ƙasa da mafi ƙanƙantar kason rassan ko ta haura mafi girma, in kika ga ta faɗo ƙasa da 60 akwai gurbin da ba a cike ba.

Ita 78 ɗin tana da ranarta in ana kwatanta rassan ne a junansu, amma ni dai ba zan sa ta a saman rahoton da iyaye za su gani ba, 647 cikin 1,000 zan rubuta, kowane reshe da yawan ɗalibansa a gefen kasonsa.