Muƙamin Ƙungiyar Ɗalibai da Aikin Sa Kai: Yadda Ake Rubuta Su a Takardar Neman Aiki

Tambaya: Malam, na kammala digiri, amma ban taɓa yin aikin albashi ba. Na riƙe muƙamin ma'ajiyar ƙungiyar ɗaliban sashenmu na shekara ɗaya, kuma na yi shekara biyu ina koyar da yara karatu kyauta a ƙarƙashin wata ƙungiyar matasa. Na ga gurbin mataimakin jami'in kuɗi, sun ce suna son mai gogewa. Wanda ya buga mini takardar tarihin karatu da aiki ya ce waɗannan ba a lissafa su, gara ya rubuta cewa na yi aiki a wani kamfani, har wasiƙar shaida zai samo mini. Hankalina bai kwanta ba, amma ina tsoron tura takarda fayau.

Amsa: Ƙanwata, kada ki yarda a rubuta miki sunan kamfanin da ba ki taɓa taka ƙofarsa ba, kuma kada ki karɓi wannan wasiƙa ko da kyauta aka ba ki. Takardarki ba fayau take ba. Ga gurbin da kike nema, shekarar da kika yi kina riƙe da kuɗin ƙungiya ita ce hujjarki mafi ƙarfi, muddin kin rubuta ta yadda mai tantancewa zai ga aikin da ke cikinta.

Mai tantance takardu, idan ya ce yana son gogewa a ƙaramin gurbi irin wannan, abu uku yake nema: an taɓa damƙa wa mutum amana, ya san yadda ake ajiye lissafi a rubuce, kuma akwai wanda ya taɓa bin diddigin aikinsa ya same shi daidai. Albashi shaida ce kawai cewa wani ya ɗora maka alhaki, amma ba ita kaɗai ce shaida ba. Ma'ajin ƙungiya yana karɓar kuɗin mambobi, yana yanka rasit, yana fitar da kuɗi bisa amincewar shugabanni, a ƙarshen zango kuma yana tsayawa gaban taro ya karanta lissafi, mutane su yi masa tambayoyi. Rabin aikin mataimakin jami'in kuɗi ke nan. Matsalar da nake gani kullum ita ce matasa suna tattara duk wannan su dunƙule shi a layi ɗaya can ƙasan takarda, kusa da abubuwan sha'awa, su rubuta "Ma'ajiya, ƙungiyar ɗalibai", shi ke nan. Wanda ya karanta wannan layi bai san ko mambobi goma ne ko ɗari uku ba, bai kuma san ko kin yi aikin ko suna kawai kika riƙe ba.

Saboda haka ki ɗauko shi daga ƙasa, ki sa shi ƙarƙashin kan maganar gogewa, bayan bayanin karatunki. Idan kina so, ki sa wa sashen suna "Gogewar shugabanci da aikin sa kai", domin kada wani ya zaci aikin albashi kike nufi. Ki fara da ainihin sunan muƙamin kamar yadda yake a tsarin mulkin ƙungiyar, sai cikakken sunan ƙungiyar da makarantar, sai wata da shekarar farawa da na gamawa. Daga nan sai layi uku ko huɗu, kowanne ya faɗi abin da ke hannunki, girmansa, da abin da ya haifar. A ce mambobinku 240 ne, kuma da kika zo kin tarar da lissafi a warwatse. Ga yadda zai fito:

*Ma'ajiya (muƙamin zaɓe, ba albashi), Ƙungiyar Ɗaliban Sashen Lissafin Kuɗi, Oktoba 2022 zuwa Satumba 2023*
*Na karɓi kuɗin shekara na mambobi 240, na yanka wa kowa rasit mai lamba, ina daidaita littafin shige da ficen kuɗi da bayanan banki a ƙarshen kowane wata.*
*Na mayar da lissafin daga littafin hannu zuwa* `Excel`*, wanda ya sa aka gano mambobi 35 da suka biya ba a rubuta su ba.*
*Na tsara kasafin makon ƙungiya tare da kwamitin mutum 5, na gabatar da rahoton kuɗi ga babban taro, kwamitin bincike ya amince da shi.*

Waɗannan alƙaluma misali ne, naki za ki nemo daga littafin ƙungiya da takardar miƙa ragama. Abin da ba ki da tabbacinsa ki rubuta "kimanin", ko ki bar shi. Ki lura kuma cewa inda aka yi aiki tare an ce tare aka yi. Idan kwamiti ne ya shirya taro, ke kuma kuɗin kika riƙe, to, kuɗin za ki ambata, kada ki ce ke kika shirya taron.

Koyar da yara kuwa layi biyu ya ishe shi a wannan takarda, domin ba aikin koyarwa kike nema ba. Ki faɗi yawan yaran, da kwana nawa a mako, da awa nawa, da tsawon lokacin. Amfaninsa a nan shi ne ya nuna kin jure wa abu shekara biyu ba tare da an biya ki ko an tilasta miki ba. Ranar da kika nemi aiki a makaranta, sai ki juya tsarin, koyarwa ta hau sama ta samu fili, ma'aji ya sauko.

Yanzu bari in koma kan mai buga takardu, domin wannan maganar tasa ta halaka matasa da yawa, kuma ba na gajiya da faɗa a kanta. Wasu mutane da iyakar iliminsu na ɗaukar ma'aikata shi ne jera rubutu a kwamfuta sun cusa wa matasa cewa abin da ba a biya ka albashi a kansa ba ba gogewa ba ce, saboda haka sai a ƙirƙiro kamfani, ko a kumbura muƙami. Sai ka ga sakataren ƙungiya ya zama "babban jami'in gudanarwa", mai koyar da yara da yamma ta zama "daraktar shirye-shiryen ilimi". Shi mai bugawar ya karɓi ladansa ya wuce, ba shi zai zauna gaban masu ganawa ba, kuma ba sa hannunsa ne a ƙasan fom ba.

Suna ganin ba a ganewa. Wallahi ana ganewa, kuma ba da wata dabara mai zurfi ba. Abu na farko kwanan wata ne: takarda ta ce kina cikakken aiki a kamfani a daidai shekarun da takardar sakamakonki ta nuna kina aji uku da aji huɗu kina karatu na cikakken lokaci. Na biyu, wasiƙun shaidar da ake sayarwa kusan lafazinsu ɗaya, har kuskuren rubutun iri ɗaya, kuma lambar wayar da ke jiki ko ba ta shiga, ko wanda ya ɗauka bai san sunan sashen da aka ce kin yi aiki a ciki ba. Na uku kuma shi ne ganawar kanta. Mai ganawa ba zai tambaye ki ko da gaske kin yi aikin ba. Zai ce, "Wa kike miƙa wa rahoto? Idan lissafin rana bai daidaita ba, me kike fara dubawa? Wa yake sa hannu kafin a fitar da kuɗi?" Wadda ta riƙe ma'aji da gaske tana da amsa a bakinta, za ta ce mutum biyu ne suke sa hannu, ita da shugaba, kuma idan lissafi ya ƙi fita tana komawa kan kwafin rasit ta bi lambobinsu ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka rubuta wa kamfanin bogi kuwa, tambaya ta biyu ma ba ta ƙetarewa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sau da yawa yarinyar tana da gaskiyar da za ta amsa duk tambayoyin nan, amma an sa ta binne ta, ta ɗauko ƙaryar da ba za ta iya karewa ba.

Kuma ko an tsallake ganawa, magana ba ta mutu ba. Yawancin fom na neman aiki suna da wurin da mutum yake sa hannu cewa duk bayanan da ya bayar gaskiya ne, kuma ma'aikatu da dama suna ci gaba da bincike bayan an fara aiki, musamman kafin tabbatar da ma'aikaci. Idan aka gano, sallama ce, kuma sallamar da dalilinta shi ne bayanan ƙarya tana bin mutum duk inda aka nemi shaidar tsohon wurin aikinsa. Wasiƙar jabu mai ɗauke da tambarin kamfani da sa hannun wani kuma ta wuce ƙarya, ta shiga laifin da doka take hukuntawa. Ki duba kuma gurbin da kike nema: na kuɗi ne, inda amana ce jarin farko. Ta yaya za a miƙa makullin akwatin kuɗi ga wadda takardarta ta farko jabu ce?

Sai dai akwai iyaka, kuma ba zan ɓoye miki ba. Idan sanarwa ta ce ana son shekara uku ko biyar na aiki bayan kammala karatu, ko ana son rajista da hukumar ƙwararru, muƙamin ƙungiya ba zai cike wannan gurbi ba, kuma bai halatta ki haɗa shekarar ma'aji da shekara biyun koyarwa ki ce kina da gogewar shekara uku ba. Aikin awa huɗu a mako ba daidai yake da cikakken aiki ba, shi ya sa na ce ki rubuta awannin. Amma inda aka ce "gogewa za ta ƙara daraja", ko aka nemi sabbin masu digiri, ki tura takardarki gaba gaɗi. Idan fom ɗin na intanet ne, kuma ya ware akwatin "aikin da ka yi a baya" har da neman albashin ƙarshe, kada ki cusa ma'aji a ciki da albashin ƙirƙira. Ki nemi akwatin aikin sa kai ko na ƙarin bayani, in babu kuma ki sa shi a wasiƙar neman aikin.

Abin da za ki yi a makon nan shi ne tattara shaidar gaskiya tun mutane ba su watse ba. Ki je wurin malamin da yake uban ƙungiyarku, ki roƙe shi wasiƙa a takarda mai tambarin sashen, wadda za ta faɗi muƙaminki, da watannin da kika riƙe shi, da cewa kin miƙa lissafi cikakke. Ki nemi kwafin rahoton kuɗin da kika karanta da na kwamitin bincike, amma ki rufe sunayen mambobi da lambar asusun kafin ki nuna wa kowa, domin sirrin mutane ne. Wajen sa sunan mai shaida, malamin ya fi shugaban ƙungiya, tunda shugaban tsaranki ne, kuma ana iya ɗaukar shaidarsa a matsayin alfarmar aboki. Ki nemi izinin malamin kafin ki sa lambarsa, ki kuma tura masa takardar da kika rubuta tare da sanarwar gurbin, domin idan an kira shi, watanni da alƙaluman da zai faɗa su zo daidai da naki.