Makulli da ƴar jaka a saman wayar da za ki saya

*Assalamu alaikum Malam. Wani mai shago ya turo min hoton fuskar wata Samsung ta hannu da nake son saya, har na ba shi kafin alƙalami. A can sama kusa da batir na ga harafin N, da wani ɗan makulli, da ƴar jaka, da rubutun VoLTE. Wayata ta yanzu ba ta da ko ɗaya. Yayana ya ce alamar ana bibiyar wayar ce. In cika kuɗin ko in haƙura? Ga hotunan nan guda biyu. Daga wata ɗaliba a Gusau.*

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Na buɗe hotunan na ƙara girmansu na duba. Biyu daga cikin alamomin nan ba abin damuwa ba ne, ɗaya tana buƙatar tambaya, ɗaya kuwa ita ce za ta yanke hukuncin cinikin. Kada ki cika kuɗin tukuna.

Harafin N ɗin nan na NFC ne, wata hanya da waya ke magana da kati ko wata na'ura idan an kusanto da su kamar faɗin yatsu biyu. Da ita ake biyan kuɗi ta hanyar ɗora waya a kan na'urar karɓar kuɗi. Wayarki ba ta nuna shi ne don ƙananan wayoyi da yawa ba a sa musu shi ba, ko kuma a kashe yake. Ki ja saman fuskar wayar ƙasa, ki taɓa NFC, harafin zai ɓace.

VoLTE kuma na nufin kira yana bi ta kan sabis ɗin 4G. A wayar da ba ta da shi, da zarar kira ya shigo za ki ga 4G ya faɗo zuwa H+ ko E har sai an gama magana. Da shi murya ta fi fita tangaram, data ma ba ta tsinkewa. Ni a wurina ganinsa albishir ne, domin ba ya fitowa sai da sim a ciki kuma sabis ya karɓi wayar. In dai layinmu na gida ne a ciki, to ba a ɗaure ta da wani kamfanin layi na ƙasar waje ba.

Makullin shi ne VPN, wato duk abin da wayar ke aikawa ko karɓa ta intanet sai ya fara ratsa wata na'ura a wani wuri kafin ya isa inda za shi. Yawanci mutane da kansu suke kunnawa. Tun lokacin da aka rufe Tuwita a Najeriya a watan Yunin 2021 matasa da yawa suka saba da shi, wasu kuma don neman data mai araha. Zai yiwu yaron shago ne ya sa. Ki shiga `Settings`, ki taɓa alamar bincike, ki rubuta `VPN`, za ki ga sunan manhajar da ta kunna shi. In ta kasu kuma ta gogu, magana ta ƙare. In kin tarar da wurin kashewar ya dusashe, ya ƙi taɓuwa, to wani ne ya ƙaƙaba shi daga sama, kuma wannan ya kai mu ga jakar.

Ƴar jakar nan, mai kama da ta ma'aikacin ofis, alamar `Work profile` ce. Ma'aikatu kan raba waya gida biyu, ɓangaren mai ita da ɓangaren aiki, su riƙe makullin ɓangaren aikin a hannunsu. Kowace manhajar aiki za ki gan ta da ƴar jaka manne a gefenta. A nan yayanki ya kusa gaskiya, sai dai abin iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai nisa.

Na farko, wayar ta mutum ce, ya sa ɓangaren aiki da kansa don ya riƙa duba saƙonnin ofis. Ma'aikatar ba ta ganin hotunansa ko hirarsa ta ɓangarensa, kuma ana cire ɓangaren aikin cikin minti biyu. Na biyu, wayar dukiyar ma'aikata ce tun daga kwali, an yi mata rajista da lambarta. Irin wannan za ki ga rubutu a ƙasan fuskar kulle, ko a ƙasan wurin da ake ja daga sama, mai cewa `This device belongs to your organization` ko wani abu makamancinsa. Masu ita suna iya kulle ta ko su goge komai daga inda suke. Abin da ya fi ci min rai da ita shi ne, ko an goge ta tas, tana hawa intanet sai ta sake neman iyayen gidanta.

Na gani da idona a wayar ƙanina. Ya sayo ta tana sheƙi, ko ƙwarzane babu, ya dawo gida da murna ya goge ta don ya fara sabo. Yana haɗa ta da data sai ga wani shuɗin shafi da sunan wani kamfani da ba mu taɓa ji ba, yana neman lambar ma'aikaci. Ba gaba ba baya. Mai gyara ya yi mata fulashin, ta yi kwana biyu lafiya lau, sannan ta koma gidan jiya. Ƙarshenta sikirin da batirin kawai aka cire aka sayar.

Hoto ba zai gaya miki wanne ne cikin biyun ba. Hasali ma hoto ba ya tabbatar da cewa daga wayar da za a ba ki aka ɗauke shi. Don haka ki je shagon da ƙafarki, ko ki tura yayanki, a yi abin nan a gaban mai shago. A fara danna `*#06#`, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, a gwada ta da wadda ke cikin hotonki na biyu, na shafin `About phone`. In sun saɓa, wata wayar ce daban. Sannan a bincika `Device admin apps` a cikin `Settings`. Ganin manhajar Gugul ta neman waya in ta ɓata ba komai ba ne. Amma baƙon suna da ya ƙi kasuwa, ko na ma'aikata ne ko na masu ba da waya bashi ana biya kaɗan-kaɗan, ya isa dalilin fasa ciniki, don su ma suna rufe waya idan wanda ya karɓa ya daina biya.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda na fi yarda da shi, kuma bai wuce minti ashirin ba. Mai shago ya fara cire asusunsa na Gugul da na Samsung daga wayar, domin in an goge ta da su a ciki ta wata hanyar, za ta tsaya tana neman kalmar sirrin tsohon mai ita. Sai a yi `Factory data reset`. Idan ta tashi, kada a tsallake wurin haɗa intanet, nan ne asirin ke tonuwa. A sa siminki, a kunna data, ki shigar da naki asusun har ki kai fuskar farko. In kin isa can babu jaka, babu makulli, babu sunan kowa, ki ƙirga masa kuɗinsa, ki karɓi rasit mai ɗauke da lambar IMEI. In ya ce ba shi da lokacin wannan, ko ya ce ki je gida ki yi da kanki, ki nemi kafin alƙalaminki ki duba wata.