Karangiya da karin waƙa: me zan faɗa a kansu wanda zan iya karewa?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗaliba ce a Gusau. A asamen ɗina na rubuta cewa mawaƙi ya yawaita wasalin "a" don ya nuna baƙin ciki, sai malaminmu ya ja layi da jan biro ya rubuta "ina hujja?" Don Allah ya ake kafa hujja a kan sauti?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Gaskiya malamin naku bai zalunce ki ba. Wasalin "a" ya fi kowane wasali yawa a Hausa, kusan duk sunayen mace da shi suke ƙarewa, ko lissafin cefane kika rubuta za ki same shi birjik, to in dai yawansa ne baƙin ciki ai waƙar biki ma ta zama ta makoki. Sauti shi kaɗai ba ya ɗauke da ma'ana. Abin da ake karewa shi ne inda ya faɗo, da abin da ya sa kunne ya yi tsammani, da inda tsammanin ya karye.

Bari in tsara miki baiti mu feɗe shi:

Ruwa ya yi gyara a gonarmu bara,
Da gero da dawa da wake asara.

Fara da kari, don shi ne ake iya ƙirgawa kowa ya gani. Gaɓa iri biyu ce. Marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "ru" ko "da", ana sa mata v. Mai nauyi kuwa ko dai wasalinta dogo ne, kamar "ge" na gero, ko ta rufe da baƙi kamar "nar", ana sa mata -. Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka dole ki furta da baki, kar ki yanka da ido. Ɗango na farko zai ba ki ru-waa-yaa / yi-gyaa-raa / a-goo-nar / mu-baa-ra, wato v - - sau huɗu, gaɓar ƙarshen ɗango ana ɗaukarta mai nauyi ko da gajera ce. Wannan ƙafa ita ce fa'uulun, karin kuma Mutaƙarab, ɗaya daga cikin karuruwa 16 na arulin Larabci da Khalil ɗan Ahmad na Basra ya aza harsashinsu. Ko kin karanta da harshenmu na nan kin ce "gonammu" ba abin da ya taɓu, "nam" da "nar" nauyinsu ɗaya.

To yanzu dubi ɗango na biyu da kyau. Da-gee-roo / da-daa-waa / da-waa-kee, kowace ƙafa "da" ce ta buɗe ta, kowace ƙafa amfanin gona guda ne cif, ba wanda ya tsallaka cikin ƙafar wani. Sau uku a jere, kunne ya riga ya saba, yana jiran "da" ta huɗu da wani hatsin, ko maiwa ko wani abu, sai kawai a-saa-raa ta zo ta zauna a gurbin, nauyinta daidai da nasu, ga shi kuma ita ta ɗauki amsa-amon "ra" da ya taso tun daga gyara da bara. Kin ga nan akwai magana. Za ki iya rubuta cewa maimaita "da" a farkon ƙafa uku ya sa ɗangon ya zama kamar manomi na ƙirga abin da ya shuka, a ƙafa ta huɗu lissafin ya ƙare a kan asara. Duk mai musu sai ya yanka ɗangon ya nuna miki inda kika kauce.

Akwai gwajin da nake sa ɗalibai su yi, a cire kalma a sa 'yar'uwarta a ji me ya lalace. Sa masara a wurin wake, "da masara" zai ba ki v v v -, ƙafar ta karye nan take, tafiyar lissafin ta watse. Wannan ya nuna miki wake ya dace da kari. Amma fa bai nuna wake ya fi masara ban tausayi ba, kar ki ɗora wa hujjar kayan da ba nata ba.

Karangiya kuma, wato maimaita baƙi iri ɗaya a kalmomin da ke kusa da juna, a yi hattara. "Da dawa" karangiya ce ta "d", amma "da" uku ɗin nan maimaita kalma ne, kowanne a kira shi da sunansa. Kuma d daban ɗ daban, k daban ƙ daban, masu kwafo waƙa daga waya inda ba a sa ƙugiya su ne ke haɗa kafa da ƙafa su ce sun ga karangiya.

Duk wannan awon na rubutacciyar waƙa ne. In waƙar baka aka ba ki, irin ta makaɗan kotso na Maradun, kiɗa ne ke jan ragama, makaɗi kan ja gaɓa ko ya haɗiye ta don ta faɗa daidai bugu, sai kin saurari faifan ki ji inda gaɓar ta haɗu da kotso sannan ki ce wani abu a kan karinta.