Yaya zan tallata zoɓona ba tare da na kira shi magani ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa zoɓo da citta da kanumfari da dabino, ina zubawa a gora mai rabin lita. Ƙanena ya rubuta mini talla cewa yana maganin hawan jini da ciwon suga, zuciyata kuma ba ta kwanta ba. In na cire wannan, me zan faɗa har a saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki cire layin nan yau, kafin ki sake ɗora tallan a WhatsApp. Dokar abinci da magunguna ta Najeriya ta hana a tallata abin ci ko abin sha a matsayin maganin wasu cututtuka da ta lissafa, kuma hawan jini da ciwon suga suna ciki. Tallan kayan da hukumar NAFDAC ke kula da su yana buƙatar amincewarta, ga kuma hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, tana tantance talla kafin ya fita. Amma abin da ya fi damuna shi ne dattijon da zai karanta, ya gaskata ki, ya ajiye ƙwayoyin da likita ya ba shi. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, zai ɗauka ya warke har ranar da ya yanke jiki ya faɗi.

Wani zai ce ai an yi bincike a kan zoɓo da hawan jini. An yi, amma da adadin da aka auna, ba da gorarki ba. Ba ki da hujjar cewa rabin litarki zai yi wa wani haka.

Alƙawarin magani yana magana ne a kan jikin mai sha, wanda ba ki gani. Ke ki yi magana a kan abin da ke cikin gorar, wanda hannunki ya haɗa. Nan ne kike da abin faɗa da yawa: inda kike sayo zoɓon, sau nawa kike wanke shi don fitar da yashi, ɗanyar citta kike kirɓawa ko busasshiya, da wane ruwa kike dafawa. Mai sayen zoɓon gora tsoronsa biyu ne, ƙazanta da kalar da ake ƙarawa. Idan kika kwantar masa da hankali a kan waɗannan, kin yi rabin ciniki.

Ga yadda zan rubuta, in dai haka kike yi:

"Zoɓo ne aka dafa yau da asuba. Ɗanyar citta mai ɗan yaji a maƙogwaro, ƙamshin kanumfari tun kafin a gama buɗe murfi. Ba kala, ba a ƙara sukari ba, zaƙinsa na dabino ne. Rabin lita, da sanyinsa, daidai lokacin da rana ta take ko bayan an sha ruwa. A ajiye a firji."

Ki ƙara farashi da inda za a samu, shi ke nan.

Ki lura na ce "ba a ƙara sukari ba", ban ce "babu sukari" ba. Dabino cike yake da sukari nasa na halitta, kuma mai ciwon suga da ya ga "babu sukari" zai shanye gora biyu hankalinsa kwance. Shi ya sa na ambaci dabinon nan take, domin ya san abin da zai sha. Nan ne na fi ganin masu sana'a suna zamewa, ba da mugun nufi ba.

Alƙawari yana kuma shigowa ta bayan gida. "Masu hawan jini ku garzayo" bai ce magani ba, amma kowa ya gane abin da ake nufi. Haka "yana wanke jini" ko "yana fitar da dattin ciki", kalmomin da muke ji daga lasifikar motocin masu magani a kasuwa. Haka ma saƙon murya na wata da ta ce tun da ta fara sha ƙafarta ta daina kumbura: da zarar kin ɗora shi, maganar ta zama taki. Shaidar da za ki ɗora ita ce ta wadda ta ce yaranta sun shanye kafin baƙi su iso.

Duk jimlar da kika rubuta, ki tambayi kanki: in mutum ya zo ɗakin girkina, zan iya nuna masa wannan da idonsa? Za ki iya nuna cittar da tukunyar da ranar da aka dafa. Idan kuma kin samu lambar rajistar NAFDAC, ki buga ta a jikin gorar tare da ranar haɗawa da ranar lalacewa, amma kada ki rubuta cewa hukumar ta tabbatar yana warkar da wani abu, domin lambar ba ta nufin haka.